Wa'azin dare na 17: Ma'aikacin kwantiragi da abokin aikinsa idan wa'adi ya ƙarato

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya. 

Zancenmu na yau ya shafi wani rukuni na mutanen da muke sahu ɗaya da su kullum, wato ma'aikatan kwantiragi. Akwai malaman makaranta a cikinsu, akwai ma'aikatan gidan likita, da direbobi, da masu gadi, da matasan da ke yawo ƙauyuka a kan babur da sunan furoje. Abin da ya haɗa su shi ne, kowanne yana riƙe da takardar aiki wadda aka rubuta ranar ƙarewarta tun ranar da aka sa mata hannu. Ba za mu tsaya kan ƙarancin albashinsu ba ko jinkirin biyansa, ko da yake wannan ma abin magana ne. Muna son mu duba abin da tsoron wannan rana yake yi wa zuciyar mutum, da yadda yake juya shi a kan wanda suke zaune tebur ɗaya.

Mu fara da asalin takardar. A fiƙihunmu na Malikiyya, wannan ciniki sunansa ijara, kuma duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa ijara tana inganta idan an yanke wa'adi an kuma ambaci lada. A cikin Suratul Ƙasas ma an ba mu labarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi aikin ijara na shekara 8 a Madyana, da zaɓin ya cika 10 idan ya so. Saboda haka aiki mai wa'adi halal ne, kuma idan wa'adi ya cika mai aiki bai sabunta ba, wannan shi kaɗai bai zama zalunci ba. Dokar ƙwadago ta ƙasarmu, wadda aka kafa a watan Satumba na 2012, ita ma ta san irin wannan takarda, wadda ƴan boko ke kira CDD. Ta ce wa'adinta kada ya wuce shekara 2, kuma sau ɗaya ake sabunta ta. Ma'aikatan kwantiragi na gwamnati, kamar malaman makaranta, suna da nasu tsari daban, amma damuwar iri ɗaya ce. Da yawa daga cikinku ba ku manta da watan Yuli na 2017 ba, lokacin da aka shirya wa malaman kwantiragi na firamare jarrabawa a faɗin ƙasa. Wasu suka shiga, wasu suka ƙi bisa kiran ƙungiyoyinsu, daga baya aka soke kwantiragin dubban malamai. Wanda ya shiga da wanda ya ƙi, abokan aiki ne masu shan shayi tare, amma kowa ya koma yana kallon ɗan'uwansa da wani ido.

To, me ya sa tsoron yake sauka a kan abokin aiki? Domin wanda yake yanke hukuncin yana nesa. Ma'aikacin da ke Madarunfa ko Mirriya bai taɓa ganin mai ba da kuɗin furoje ba, bai san ranar da ake zama a Yamai a ƙidaya kujeru ba. Ba shi da hanyar kai hannu can. Wanda hannunsa yake iya kaiwa gare shi shi ne wannan da ke gefensa. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan wanda bai ja ruwan ba shi ake doka.

Bari mu buga misali ɗaya, mu bi shi daki-daki. Misali ne kawai, kada wani ya ce da buronsu muke.

A ɗauka akwai wani furoje mai yaƙi da tamowa, yana da ma'aikata 6 masu shiga ƙauyuka. Aikinsu shi ne su auna damtsen yara daga wata 6 zuwa ƙasa da shekara 5 da igiyar awo mai launi uku. Yaron da awonsa ya faɗa ja, wato ƙasa da milimita 115, a tura shi gidan likita a ba shi kwaɓin gyaɗar nan na magani. Kowane ɗayansu yana karɓar jika 150 a wata, takardarsa ta wata 12 ce, tana ƙarewa ranar 31 ga Disamba. Daga Janairu har damina suna zaune lafiya. Babur ɗin wani ya lalace, wani ya goya shi. Wata ta haihu, sauran suka raba ƙauyukanta. Sai a watan Oktoba direba ya dawo daga Yamai da magana, wai baɗi kuɗi sun ragu, mutum 4 za a riƙe. Shugaban buro bai ce e ba, bai ce a'a ba. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Mu dai yi ta addu'a."

Abu na farko da ke mutuwa shi ne taimako, kuma yana mutuwa ba tare da kowa ya ji ƙararsa ba. A cikinsu akwai dattijo wanda ya daɗe a yankin, ya san masu gari, ya san wace unguwar zoma ce mata ke jin maganarta, ya san ranar kasuwar kowane ƙauye, ranar da ba a samun mata a gida. Da, shi ke kiran sabon yaro ya ce masa kada ka je wuri kaza ranar Talata. Yanzu sai ya yi shiru, yaron ya ƙona mai ya je ya tarar da gari wayam, ya dawo da yara 9 a takarda maimakon 40. Dattijon bai yi ƙarya ba, bai zagi kowa ba, idan ka tambaye shi zai ce shi bai yi komai ba. Amma yara 31 ba a auna su ba a wannan mako, kuma mai yiwuwa a cikinsu akwai wanda awonsa ja ne. Wannan ilimin da ya ɓoye, da man furoje da lokacin furoje ya tara shi, kuma yana cikin abin da ake biyan sa dominsa. Ɓoye shi tauye ijara ne, ko da babu wanda zai iya kama shi da laifi.

Daga nan sai a shiga ajiyar kuskure. Wata daga cikinsu ta ga abokin aikinta ya juya lissafi a rahoton wata, ya sa adadin yara maza a gurbin mata. A watan Maris da sai ta taɓa shi ta ce, "Malam, duba nan," a gyara cikin minti biyu. A watan Nuwamba sai ta bar shi ya aika, ta jira ranar taro, a gaban shugaba ta ce ita dai akwai abin da ba ta gane ba a shafi na uku. Kowa ya ga kamar ƙwazo ne. Ita kaɗai da Ubangijinta suka san cewa kwana 5 ke nan tana riƙe da wannan kuskure kamar mai riƙe da wuƙa a cikin zane.

Sai kuma mai zuwa gidan shugaba bayan isha'i da sunan gaisuwa. Ba ya cewa wane ɓarawo ne. Cewa yake yi, "Ranka ya daɗe, ni ban son in faɗi abin da ban tabbatar ba, amma mutanen ƙauye kaza suna ta magana a kan yadda ake rabon kwaɓin." Ya jefa, ya janye hannu. Malamai sun bambanta abubuwa uku a nan. Idan abin da ka faɗa a bayan mutum gaskiya ne kuma zai ƙi jin sa, giba ce. Idan babu shi, ƙage ne, wanda ya fi giba muni. Idan kuma ka ɗauki magana daga wannan ka kai wa wancan domin ka ɓata tsakaninsu, annamimanci ne. Wannan mai gaisuwar dare ya haɗa ukun a jimla ɗaya, ya kuma lulluɓe su da cewa bai tabbatar ba. Suratul Hujurat ta jera hani ga mummunan zato, da bin diddigin asirin mutane, da giba, a aya guda, ta 12, kuma wanda ya zauna a buro a watan ƙarshe na kwantiragi zai ga yadda suke biyo juna a wannan jeri: zato ya fara, bincike ya biyo, harshe ya ƙarasa.

Akwai wani abu da ba a cika lissafa shi cikin laifi ba, shi ne gudun wanda aka ga alamar za a sallama. Da zarar an ji cewa shugaba ya daina kiran wane, sai a daina zama kusa da shi, a daina kiran sa cin abinci, kamar rashin sa'arsa cuta ce mai yaɗuwa. Mutum yana cikin mafi tsananin kwanakinsa, sai ya tarar har sallama a ciki-ciki ake amsa masa. Wanda ya taɓa shiga wannan hali zai gaya muku cewa rasa albashin ya warke tun da daɗewa, amma juya bayan abokai bai warke ba.

Yanzu mu dubi yadda hukuncin yake fita a misalin namu. A irin waɗannan ayyuka, yawan kujeru yana rubuce ne a cikin kasafin da aka daidaita da mai ba da kuɗi, kuma sau da yawa ana gama wannan lissafi tun kafin jita-jita ta iso ƙauye. A ce furojen yana aiki a gundumomi 3, baɗi zai koma 2. Mutum biyun da ke gundumar da aka cire su ne a bakin ƙofa, sai fa idan an ga dalilin musanya. Ke nan duk ɓoyon ilimi, da ajiyar kuskure, da gaisuwar dare na wata uku, ba su ƙara kujera ko ɗaya ba. Huɗu ne, huɗu suka tsaya. Iyakar abin da makirci yake iya yi shi ne ya musanya suna da suna, ya ɗauke abincin gidan wani ya kai gidanka. Ba za mu ruɗe ku ba, wani lokaci yana yin hakan, makirin ya zauna mai gaskiya ya tafi. Amma ku lissafa abin da ya saya. Ya sayi wata 12 a kan jika 150, kuma a watan Oktoba mai zuwa za a sake buɗe kasuwar, a buron da kowa ya riga ya koyi yadda ake yi, har da wanda zai yi masa. A kan wannan ga hadisin da Muslim ya ruwaito game da wanda Manzon Allah ya kira matsiyaci na gaskiya, mutumin da zai zo ranar alƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya yi wa wancan ƙage, ya ci dukiyar wani, a yi ta ɗibar ladansa ana biyan su har ya ƙare. Azumin da muke ciki yana cikin abin da za a ɗiba.

Wani mai saurare zai ce, to Malam, idan da gaske abokin aikina yana karkatar da kwaɓin yara yana sayarwa a kasuwa, in yi shiru don kada a ce na yi giba? A'a. Imamu Nawawi a cikin Riyadus Salihin ya kawo wurare 6 da ambaton aibin mutum yake halatta, daga ciki akwai kai ƙara ga mai iko, da neman taimako wajen gusar da ɓarna, da gargaɗin Musulmi daga cuta. Satar abincin yaro mai tamowa ɓarna ce da ta wajaba a tsayar. Sai dai ga yadda mutum zai gane ko nasiha yake yi ko farauta. Ya tambayi kansa yaushe ya gani. Idan a watan Mayu ya gani ya yi shiru, sai a Nuwamba kishin yara ya taso masa, to ya binciki wannan kishi, domin yaran Mayu ma yara ne. Wannan bai sauke masa wajibcin faɗa ba, amma ya nuna masa cewa akwai tuba a kansa shi ma. Ya tambayi kansa ko ya fara yi wa mutumin magana tsakaninsu, idan yin hakan ba zai jawo babbar cuta ba. Ya tambayi kansa ko zai iya maimaita maganar a gaban wanda yake zargi, da rana, da wuri, da adadi: ranar kaza, katan kaza suka fita, kaza suka isa. Mai nasiha yana faɗin abin da idonsa ya gani ya tsaya nan. Mai farauta yana ƙara gishiri, ya jawo tsohon zance, ya taɓo har iyalin mutum, ya kuma roƙa kada a ce shi ya faɗa.

Akwai kuma wata hanya da ake ganin kamar ba ta cutar da kowa. Mutum ya je wurin shugaba ya ce, ni ko an rage mini zuwa jika 100 zan zauna, kuma zan haɗa ƙauyukan wane da nawa. Hanin da ya zo a Muwaɗɗa cewa kada wani ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa, malamai sun faɗaɗa ma'anarsa zuwa ijara. Idan an buɗe kujera ga kowa, kowa yana da damar nema. Amma idan an riga an karkata ga wani, ana gab da sa hannu, sai ka shigo ta baya da ragin farashi domin a kore shi, ka shiga cikin abin da aka hana.

Yanzu mu juya ga shugabanni, domin mafi yawan wannan wuta daga shirunsu take kamawa. Ya kai shugaban buro, ya kai darektan makaranta, idan ka san kujeru 4 ne, ka tara mutanenka ka faɗa musu 4 ne. Idan kai ma ba ka sani ba, ka faɗa musu ranar da kake sa ran sani, da abin da za a duba wajen zaɓe: gunduma ce, ko daɗewa, ko takardar karatu, ko sakamakon aiki da aka rubuta tun farkon shekara. Mutumin da ya san ma'auni yana gyara aikinsa, wanda bai sani ba kuwa sai ya koma gyara fada. Mun san dalilin da ya sa wasu ke yin shiru. Suna tsoron idan sun faɗa tun Oktoba, wanda zai tafi zai saki aiki ko ya nemi wani wuri. Wannan maslahar buro ce da ake saye da wahalar magidanci, wanda da ya sani da wata biyu, da bai ci bashin buhun hatsi a kan albashin Janairu ba. Wasu kuma, Allah ya shirye su, daɗin shirun suke ji, domin ma'aikaci mai tsoro ba ya tambayar kuɗin tafiyarsa, ba ya neman hutu ko yana zazzaɓi, ana aiken sa har cefanen gida. Mafi muni shi ne wanda yake nuna wa mace ma'aikaciya cewa sabunta takardarta yana hannunsa, yana jiran ta gane abin da yake nufi. Shari'a ta haramta wannan, dokar ƙwadago ma ta hana shi ƙarara, kuma abokan aikin da suka gani suka kau da kai domin tsoron tasu takardar suna da kaso a ciki.

Idan an kawo maka magana da dare, aya ta 6 ta wannan sura ta Hujurat ta riga ta ba ka hanya, wato a bincika labari kafin a cutar da mutane cikin rashin sani. Ka ce wa mai kawowa, gobe da safe za ka maimaita a gabansa. Sau biyu za ka yi haka, gaisuwar dare ta ɗauke. Idan kuwa ka saurara ka gyaɗa kai, ka kuma sabunta wa mai kawowa, to ka sanar da buro duka irin kuɗin da ake sayen kujera da shi, kuma daga ranar rahoton da zai zo teburinka ba zai ƙara zama gaskiya tsantsa ba. Wanda ya auna yara 25 zai rubuta 40. Alamarsa a bayyane take ga mai lura: alƙaluma suna ta hawa a wata ukun ƙarshe, alhali yaran da ke isa gidan likita ba su ƙaru ba.

Wanda wa'adinsa ya cika ba a sabunta ba, yana da haƙƙoƙi da ya kamata ya sani tun yanzu, domin rashin sanin su yana ƙara tsoro. Albashinsa na ƙarshe cikakke, da kuɗin hutun da ya cancanta bai ɗauka ba, da takardar shaidar aiki wadda za ta nuna ranar da ya fara, da ranar da ya gama, da aikin da ya riƙe. Ya kuma tabbatar an zuba masa kuɗinsa a asusun CNSS. Idan an hana shi wani abu cikin waɗannan, ofishin sufetan ƙwadago na jiharsa nan ne wurin kai kuka, kuma kai wannan kuka ba giba ba ne. Tambayar shugaba ido da ido, cikin ladabi, ko za a sabunta, ba rashin kunya ba ne. Neman wani aiki tun wa'adi bai cika ba kuma bai saɓa wa tawakkali ba, bai zama cin amana ba, muddin kana cika aikin da ake biyan ka har ranar ƙarshe.

Sai ɗan lissafi. Mai jika 150 idan ya ware jika 15 kowane wata tun daga Janairu, ko ta adashe ko ta tunkiya da zai ɗaure a gida, ranar 31 ga Disamba yana da jika 180, wato albashin wata ɗaya da ɗoriya. Mun sani ba kowa ke iyawa ba, akwai mai ciyar da gida biyu da iyaye a ƙauye. Amma wanda ya iya, zai ga bambanci a cikin harshensa, domin mai abincin wata ɗaya a ɗaka ba ya jin jita-jitar direba yadda mai bashin kanti yake jin ta. Muna faɗin wannan yanzu ne saboda ga salla tafe, kuma da yawa za su ɗinka kaya da kuɗin watan da ba su da tabbacin za su kai shi a bakin aiki.

Wata tambaya ta iso mu daga wani bawan Allah, ya ce shekara biyu da suka wuce ya kai maganar abokin aikinsa wurin shugaba, ya ƙara abin da babu, aka sallami wancan aka bar shi, yanzu yaya zai yi? Amsa ita ce istigfari shi kaɗai bai isa ba, domin haƙƙin bawa ne. Ka koma wurin wanda ka kai wa maganar, ka gaya masa cewa abin da ka faɗa ba haka yake ba, domin har yanzu idan wani buro ya kira shi yana tambayar halin mutumin, da ƙaryarka zai amsa. Sa'an nan ka nemi yafewar wanda ka cuta. Game da giba zalla, malamai sun yi saɓani ko dole ne a sanar da wanda aka ci namansa idan bai ji ba, wasu suka ce a wadatu da yi masa addu'a da ambatonsa da alheri a inda aka ɓata shi, idan sanar da shi zai haifar da gaba. Amma naka ya wuce giba, ƙage ne da ya raba mutum da abincinsa, saboda haka wanke sunansa wajibi ne. Idan ka ji an buɗe kujera a wani wuri, ka kai masa labari da ƙafarka, idan kuma aka tambaye ka a kansa ka faɗi alherin da ka sani. In kana da hali, ka taimaka masa da wani abu daga albashin da ka ci a gurbinsa.

Lokacinmu ya cika. Sauran tambayoyin da suka shafi bashin ma'aikaci da zakkar fidda kai, za mu ɗauke su gobe in Allah ya kai mu.